Rubutun inji ko na mutum: yadda ake haɗa injuna biyu a kan rubutu guda don gano gaskiya

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, malamai da editoci da masu ɗaukar ma'aikata suke fama da tambaya guda. Wannan rubutun da ke gabana, mutum ne ya zauna ya rubuta shi, ko inji ne ya zubo shi? Manhajoji da dama sun fito suna cewa za su iya bambancewa, amma labarinsu ya zo a hargitse. Kamfanin OpenAI, wanda ya ƙera ChatGPT, da kansa ya fitar da tasa manhajar a Janairun 2023, ya kuma faɗa cewa kashi 26 cikin 100 kawai na rubutun inji take kamawa, tana kuma ɗora wa kashi 9 cikin 100 na rubutun mutane laifin da ba su yi ba. Kafin watan Yuli na shekarar ya ƙare ya janye ta. Sai ga shi a Janairun 2024 wasu masu bincike, akasarinsu daga Jami'ar Maryland da ke Amurka, cikinsu da Abhimanyu Hans da Tom Goldstein, sun fito da wata hanya da suka kira Binoculars, wato tabarau mai hangen nesa mai ido biyu. Suka ce a gwajinsu ta kama fiye da kashi 90 cikin 100 na rubutun ChatGPT, kuma rubutun mutum ɗaya kacal cikin 10,000 ta yi wa kuskure. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne cewar da suka yi ba a horar da ita da rubutun ChatGPT ko guda ba.

To yaya abin da ba a koya masa kamannin ɓarawo ba zai gane ɓarawo? Amsar tana cikin lissafi guda na rabawa, kuma wanda ya fahimci wannan rabawar zai gane inda hanyar take da ƙarfi da inda take sarewa.

## Mene ne "mamakin" inji

Injin harshe aikinsa ɗaya ne. A ba shi farkon magana, ya faɗi abin da zai biyo baya. Ba kalma ɗaya yake bayarwa ba: yana jero duk kalmomin da ya sani, kowacce da kason yiwuwarta. A zahiri ma da gutsattsarin kalmomi yake aiki, domin yana iya raba doguwar kalma gida biyu ko uku, amma don sauƙin bayani bari mu ci gaba da cewa kalma.

Idan aka rubuta "Rana tana fitowa daga", injin da ya san harshen zai ba "gabas" kaso mai yawa, a ce 90 cikin 100. Idan kalmar da ta biyo baya a rubutun "gabas" ɗin ce, injin bai yi mamaki ba. Idan kuwa "rijiya" ce ta biyo, wadda ya ba ƙasa da kashi 1, mamakinsa zai yi yawa. Ana mayar da wannan mamakin lamba ta hanyar logaridim. Ba sai mai karatu ya iya lissafin ba, ya isa ya riƙe cewa kalmar da aka ba kashi 90 mamakinta kusan 0.1 ne, mai kashi 50 kusan 0.7, mai kashi 10 kusan 2.3, mai kashi 1 kuma kusan 4.6. Idan aka bi rubutu kalma bayan kalma aka tara mamakin, aka raba da adadin kalmomin, an sami matsakaicin mamakin rubutun. Daga shi ake samo abin da ake gani a manhajoji da sunan `perplexity`.

Tsohuwar dabarar gano rubutun inji a nan ta tsaya. Inji yana son kalmar da ta fi yiwuwa, don haka rubutunsa ba ya ba wani injin mamaki sosai. Mutum kuwa yana karkacewa, ya ɗauko kalmar da ba a zata ba, ya katse jimla inda ba a sa rai ba. Sai aka ce a ja layi: mamaki kaɗan na inji ne, mamaki mai yawa na mutum. Manhajar GLTR ta 2019 ma da irin wannan tunanin aka gina ta, tana shafa wa kowace kalma launi gwargwadon yadda inji ya yi tsammaninta.

## Inda ido ɗaya ya gaza

Matsalar ita ce mamaki ba daga marubuci kaɗai yake zuwa ba, yana zuwa daga batun da ake magana a kai. Masu Binoculars sun ba da misalin da ya zama sananne a fagen. An umarci inji ya rubuta 'yan jimloli a kan kafibara, wata dabba ta Kudancin Amurka dangin ɓera, wadda wai masaniyar ilimin taurari ce. Injin ya rubuta. Amma mai bincike ba ya ganin umarnin, rubutun kawai yake gani. Injin da aka sa ya auna rubutun sai ya ci karo da sunan dabba kusa da kalmomin ilimin taurari, abin da bai saba gani ba, mamakinsa ya hau, hukunci ya fito cewa mutum ne ya rubuta. Alhali ga wanda ya ga umarnin, babu wata kalma a ciki da za ta ba shi mamaki.

Ɗaya gefen ya fi ciwo. Mutumin da yake rubutu da harshen da ba nasa ba yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da su da ginin jimlar da aka koya masa. Rubutunsa ba ya ba inji mamaki. A 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajojin ganowa guda bakwai a kan insha'i 91 na TOEFL, jarrabawar Ingilishi ga waɗanda ba harshensu na gida ba ne, waɗanda mutane ne suka rubuta su, kuma a matsakaici fiye da rabinsu aka ce na inji ne. Haka abin yake ga mai rubuta wasiƙar ofis ko rahoton da ke da tsari tsayayye. Ma'aunin ba ya iya raba "wannan batun mai sauƙin hasashe ne" da "wannan marubucin inji ne".

Abin da ake buƙata ke nan shi ne sikeli na biyu, wanda zai faɗi yawan mamakin da ya kamata a sa rai a wannan wurin, a wannan batun, in da inji ne yake rubutun. A nan inji na biyu yake shigowa.

## Abin da inji na biyu yake ƙarawa

Ana ɗauko injuna biyu 'yan gida ɗaya. A aikin Binoculars an yi amfani da Falcon-7B da Falcon-7B-Instruct, waɗanda cibiyar TII ta Abu Dhabi ta fitar a 2023. Na farko shi ne injin asali da aka horar a kan tarin rubutu, na biyu kuma shi ɗin ne dai aka ƙara wa horon bin umarni da amsa tambayoyi. Ana ba su rubutu guda, kowanne ya karanta sau ɗaya, ya fitar da jerin hasashensa a kowane gurbi.

Daga nan ake samun lamba biyu. Ta farko ita ce wadda muka riga muka sani, mamakin da inji ɗaya ya yi da kalmomin da suke a rubutun. Ta biyu kuma ba ruwanta da kalmar da marubuci ya zaɓa a gurbin. Tambayarta ita ce: in da ɗaya injin ne aka bari ya cike wannan gurbin da hasashensa, wane irin mamaki mai aunawa zai yi a matsakaici? Sai a raba ta farko, `log_ppl`, da ta biyu, `log_x_ppl`, abin da ya fito shi ne makin rubutun, `B`.

```
B = log_ppl / log_x_ppl
```

Bari mu bi gurbi guda daki-daki. Lambobin na misali ne, an zaɓe su don lissafin ya fito fili, kuma an taƙaita zaɓin zuwa kalmomi huɗu duk da cewa injin gaske dubbai yake jerowa. Jimlar ita ce "Bayan an gama taron, shugaban ya", sai gurbi. Injin da ke aunawa ya ba "ce" kashi 40, "gode" kashi 30, "tafi" kashi 20, "suma" kashi 10. Mamakinsa ga kowacce ke nan 0.92, da 1.20, da 1.61, da 2.30. Inji na biyu ya ɗan bambanta: "ce" kashi 50, "gode" 25, "tafi" 15, "suma" 10.

Don samun lamba ta biyu, sai a ninka kason da inji na biyu ya ba kowace kalma da mamakin da na farko yake yi da ita, a tara.

```
0.50*0.92 + 0.25*1.20 + 0.15*1.61 + 0.10*2.30 = 1.23
```

Wannan 1.23 shi ne mamakin da ake sa rai a gurbin in inji ne yake magana. Idan rubutun ya ce "ce", an sami 0.92 a kan 1.23, wato kusan 0.75. Idan ya ce "suma", an sami 2.30 a kan 1.23, kusan 1.87. Kalma ɗaya ba ta tabbatar da komai, domin mutum ma yakan rubuta "ce" sau da yawa. Abin da ake yi shi ne a ɗauki matsakaicin lambar sama a duk rubutun, a ɗauki matsakaicin ta ƙasa, sannan a raba. Maki ƙasa yana nuna inji, maki sama yana nuna mutum.

Yanzu mu koma kan matsalar ɗazu da rubutu uku, su ma na misali. Na farko inji ne ya rubuta shi a kan batu na yau da kullum: mamakinsa 1.6, abin da ake sa rai 2.0, maki 0.80. Na biyu inji ne ya rubuta a kan batu baƙo irin na kafibara: mamakinsa ya hau zuwa 2.6, amma abin da ake sa rai shi ma ya hau zuwa 3.2, domin duka injunan biyu sun rikice da batun, sai maki ya tsaya a 0.81. Na uku mutum ne ya rubuta rahoto mai sauƙin harshe: mamakinsa 2.2, abin da ake sa rai 2.2, maki 1.0. Wanda ya ja layi a 2.4 bisa mamaki kaɗai zai wanke rubutu na biyu ya kama na uku, ya yi kuskure sau biyu. Wanda ya yi rabawa ya ja layi a wajen 0.9 zai daidaita duka ukun. Wahalar batun tana cikin lambar sama, tana kuma cikin ta ƙasa, rabawa sai ta share ta, abin da ya rage shi ne halin mai zaɓen kalma.

## Me ya sa mutum yake faɗawa sama, inji ƙasa

Nan ne ainihin abin yake, kuma sau da yawa ana wuce shi da sauri. Injin asali an horar da shi ne ya kwaikwayi yadda mutane suke rubutu, har da karkacewarsu. Idan ya ce kalma tana da kashi 10, to a rubutun mutane tana zuwa kusan sau ɗaya cikin goma a irin wannan gurbin. Saboda haka mamakin da rubutun mutum yake ba shi yakan yi kusa da mamakin da shi kansa yake sa rai, makin ya zagaya kusa da 1.

Injin da jama'a suke hira da shi kuwa ba haka yake rubutu ba. Masu gina shi sukan sa shi ya yanke wutsiyar jerin, ya watsar da kalmomi masu ƙaramin kaso gaba ɗaya, ta saitin da ake kira `top_p`. Akwai kuma `temperature`, wanda in an sauke shi yake ƙara wa manyan kalmomi nauyi. Sannan horon bin umarni shi ma yana matse injin ya riƙa bin hanya ɗaya mai santsi. Sakamakon haka, a misalinmu, irin wannan injin zai ce "ce" fiye da yadda mutane suke cewa, "suma" kuwa da wuya ta fito daga bakinsa. A gurbi ɗaya bambancin ba ya ganuwa. A gurbi ɗari uku yana taruwa ya ja makin ƙasa.

Wannan ne ya bayyana yadda Falcon yake iya gane rubutun ChatGPT alhali kamfanoninsu daban. Manyan injunan harshe sun sha daga rijiya kusan guda, wato rubutun intanet da littattafai, kuma gininsu ya yi kama. Abin da ɗaya yake gani a matsayin kalmar da ta fi dacewa, galibi ɗayan ma haka yake gani. Injuna sun fi kama da juna fiye da yadda kowannensu yake kama da mutum, kuma a kan wannan zaton duk hanyar ta tsayu.

Zaɓen injunan biyu yana da sharaɗi. Dole su kasance suna gutsura kalmomi iri ɗaya, in ba haka ba gurbi na goma a wurin ɗaya ba shi ne gurbi na goma a wurin ɗayan ba, jerin hasashensu ma ba za su hau kan juna ba. Shi ya sa ake ɗauko 'yan gida ɗaya. Masu binciken sun kuma lura cewa injuna biyu masu kusancin ƙarfi sun fi ba da sakamako mai kyau a kan a haɗa babba da ƙarami. Ana son su bambanta kaɗan, yadda lambar ƙasa za ta nuna yadda wani inji yake kallon zaɓin wani injin, domin shi ne halin da ake ciki a zahiri: wanda ya yi rubutun kusan kullum ba ɗaya daga cikin biyun ba ne.

## "Ba tare da horo ba" har ina?

Manhajojin da aka horar, irin wadda OpenAI ta janye ko Ghostbuster ta Jami'ar Berkeley, ana nuna musu tarin rubutun mutane da tarin na inji su koyi bambancin. Ƙarfinsu shi ne a irin rubutun da suka gani suna iya yin kyau ƙwarai, wasunsu kuma ba su da nauyin aiki. Rauninsu shi ne sukan koyi alamomin inji guda da salon fage guda. Aka sauya inji ko aka koma wani nau'in rubutu, sai su fara tuntuɓe, a sake tara misalai a sake horo.

Hanyar injuna biyu ba ta koyon alamar kowa. Babu wata lamba a cikin Falcon da aka taɓa domin wannan aikin. Amma akwai abu ɗaya da ba ya zuwa daga sama, shi ne layin da ake ja. Masu Binoculars sun samo nasu ne ta duba tarin rubutun da aka san asalinsa, labaran jarida da ƙagaggun labarai da insha'in ɗalibai, duk na Ingilishi. A manhajar da suka saki akwai layi biyu, ɗaya a wajen 0.90 don daidaito gaba ɗaya, ɗaya a wajen 0.85 ga wanda ya fi tsoron zargin marar laifi. Don haka maganar gaskiya ita ce hanyar ba ta buƙatar horo amma tana buƙatar saiti, kuma layin da aka saita da Falcon a kan Ingilishi ba lalle ya yi aiki da wasu injuna ko wani harshe ba.

Ta fuskar tsada kuwa tana tsakiya. DetectGPT, wadda Eric Mitchell da abokansa suka fitar daga Stanford a farkon 2023, ita ma ba ta buƙatar horo, amma sai ta sake fasalin rubutun har sau ɗari ta auna kowanne. Fast-DetectGPT da ta biyo baya ta kawar da wannan ta hanyar da ta yi kama da rabawar da muka gani, tana kwatanta kalmar da aka zaɓa da abin da ake sa rai a gurbin. Binoculars karatu ɗaya kowane inji yake yi. Sai dai injuna biyu masu lambobi biliyan 7 kowanne suna cin wurin ajiya kusan gigabait 28 a katin lissafi, wato na'urar da ke gudanar da injunan, abin da ya fi ƙarfin kwamfutar hannu ta yau da kullum. Manhajar kuma, a saitinta na asali, gutsattsari 512 na farko kawai take dubawa, don haka doguwar takarda sai an yanka ta kashi-kashi.

## Inda take kuskure da yadda za a gane

Kuskuren da ya fi fitowa fili shi ne rubutun da injunan suka haddace. Kundin tsarin mulkin Amurka misali ne da su kansu masu binciken suka kawo: mutane ne suka rubuta shi a 1787, amma yana faɗawa ɓangaren inji. Dalili kuwa ya maimaitu a intanet sau ba adadi, injin ya san kowace kalma kafin ta zo, lambar sama ta faɗi ƙasa warwas. Duk rubutun da ya cika da dogayen ambato, ko nassin doka, ko sananniyar waƙa, yana cikin wannan hatsarin. Alamarsa ita ce lambar sama da ta ƙasa duka su yi ƙanƙanta fiye da kima. Wanda ya ga haka ya kamata ya cire ambaton ya sake aunawa.

Gajeren rubutu shi ma ba abin dogaro ba ne. Mun ga yadda kalma ɗaya ta kai maki daga 0.75 zuwa 1.87. A saƙo mai jimla biyu, sunan mutum ɗaya ko kuskuren rubutu ɗaya ya isa ya juya hukunci.

Sai harshe. Da aka gwada hanyar a kan harsuna irin su Urdu da Bulgariyanci, ba ta cika zargin mutane ba, amma yawancin rubutun inji ya wuce ta. Falcon bai ƙware a waɗannan harsunan ba, don haka ba ya iya bambance kalmar da ta fi dacewa da wadda ba ta dace ba. Komai baƙo ne a wurinsa, lambar sama da ta ƙasa suka hau tare, makin ya tsaya a ɓangaren mutum ko wane ne ya yi rubutun. Duk harshen da rubutunsa bai yawaita a intanet ba, har da wanda ake karanta wannan sharhin da shi, yana fuskantar irin wannan. A nan idan manhaja ta ce "mutum ne", kusan ba ta ce komai ba. Gyaran shi ne a nemo injuna biyu da suka ƙware a harshen, a kuma saita sabon layi da rubutun da aka tabbatar da asalinsa.

Na ƙarshe shi ne mai niyyar ɓoyewa. Tunda hanyar tana kama son kalma mafi yiwuwa ne, duk abin da ya rage wannan son yana raunana ta. Ɗaga `temperature` yana yin haka. Sake fasalin jimloli da hannu ko da wani injin yana yin haka, kuma binciken da Vinu Sankar Sadasivan da abokansa suka fitar a 2023 ya nuna sake fasali yana karya manhajojin ganowa iri-iri. Rubutun da mutum ya fara inji ya gyara, ko inji ya fara mutum ya gyara, yakan faɗa tsakiya inda layin ba shi da abin cewa.

## Matsayin ɓangarori biyu

Masu goyon bayan hanyar suna da hujja mai nauyi. Ba a ɗaure take da inji guda ba, lissafinta a buɗe yake kowa zai iya bi, kuma ta rage wariyar da aka gani a kan masu rubutu da harshe na biyu. Masu binciken sun gwada insha'in irin waɗannan ɗaliban kafin a gyara nahawunsu da bayan an gyara, suka sami sakamako kusan iri ɗaya, kamar yadda ake sa rai tunda sauƙin harshe yana sauke lambobin biyu tare.

Masu shakka kuma suna cewa lambar ɗaya cikin 10,000 ta fito ne daga wasu nau'ikan rubutu na Ingilishi da wasu injuna na wancan lokacin, kuma duniya ta fi wurin gwaji faɗi. Suna ƙara da cewa zaton da hanyar ta dogara da shi, cewa injuna duka suna kama da juna, yana iya yin rauni yayin da sababbin injuna suke nisa da Falcon na 2023. Wasu daga cikinsu sun fi karkata ga sa alamar ɓoye a rubutu tun daga wurin injin da ya samar da shi, irin wadda John Kirchenbauer da abokansa suka gabatar a 2023. Ita kuma tana buƙatar haɗin kan kamfanin, ba ta kuma shafi injunan da kowa zai iya saukewa ya kunna da kansa ba.

Idan aka auna, ɓangarorin biyu ba su saɓa a kan lissafin ba. Saɓaninsu a kan abin da za a yi da makin ne. Su ma masu Binoculars sun yi gargaɗin kada a yi amfani da ita a yanke wa mutum hukunci ba tare da mutum ya duba ba.

## Abin da ya shafi mai rubutu da mai dubawa

Akwai bambanci babba tsakanin tace tarin rubutu da tuhumar mutum guda. Wanda yake son share sharhin bogi daga shafin sayayya, ko yake tace miliyoyin shafuka kafin ya horar da sabon inji, kuskure kaɗan ba ya cutar da shi, kuma hanyar injuna biyu ta dace da aikinsa. Amma a makaranta lissafin daban yake. Idan aka duba takardu 100,000 da mutane suka rubuta da kansu, ko da lambar ɗaya cikin 10,000 ta tabbata, mutum 10 za a zarga a banza. Idan irin rubutun ya bambanta da wanda aka saita layin da shi har kuskuren ya kai kashi 1 cikin 100, mutum 1,000 ke nan. Kowannensu kuma ba shi da hanyar nuna wa manhajar ta yi kuskure, domin makin bai nuna tushe ba, bai nuna jimlar da aka kwafo ba, ya dai ce zaɓen kalmomin ya fi santsi fiye da yadda aka sa rai.

Malami ko editan da aka miƙo wa irin wannan sakamakon yana da tambayoyin da za su nuna masa nauyinsa. Wane harshe ne rubutun, kuma injunan biyu sun ƙware a shi? Tsawonsa nawa, kuma nawa ne ambato a ciki? Da wane layi aka yi hukuncin, na 0.90 ko na 0.85, kuma makin ya yi nisa da layin ko a bakinsa yake? Maki 0.70 a kan insha'i mai kalmomi 600 na Ingilishi marar ambato dalili ne na a zauna da marubucin a tambaye shi yadda ya gina hujjarsa da inda ya samo bayanansa. Maki 0.89 a kan sakin layi guda kuwa bai kai a kira kowa ba. Shi kuma marubucin, abin da zai kare shi ba ya cikin lissafin nan: daftarinsa na farko, da bayanan da ya tara, da tarihin gyare-gyaren da manhajar rubutu take ajiyewa da kwanan wata da lokaci.